Zuciya na hutawa, sai dai hutunta ba ya kai sakan guda

"Likita, barka da aiki. Ni mai garka ne a Jiratawa. Injin ban-ruwana in ya yi awa huɗu ko biyar yana aiki, dole in kashe shi ya huce, in ba haka ba ya lalace. Yarona da ke makaranta ya ce mini wai zuciya ma famfo ce, kuma tun mutum yana ciki har ranar mutuwarsa ba ta tsayawa. Yaya take tura jini har ƙafa ya dawo? Kuma me ya hana ta gajiya, alhali nama ce?"

Malam, barka kadai, Allah ya sa wa garka albarka. Yaronka gaskiya ya faɗa maka, sai dai akwai ragowar magana da ba a cika koya wa yara a aji ba. Zuciya ba ta tsayawa, amma tana hutawa. A cikin kowane bugu guda akwai lokacin matsewa, akwai lokacin saki, kuma ga mutumin da ke zaune lafiyarsa lau, lokacin sakin ya fi na matsewar tsawo. A wannan ɗan sakin take cika da jini, a cikinsa kuma take cin nata abincin. Yawancin masu ciwon zuciyar da nake gani a nan Maradi, in ka bi diddigin wahalarsu, za ka tarar wani abu ne ya rage musu wannan ɗan hutun, ko kuwa ya ɗora wa matsewar kayan da ya fi ƙarfinta.

Ka duba zuciyar ragon layya

In sallar layya ta zo, ka karɓi zuciyar ragon kafin mata su kai ta kasko, ka kira yaron ku duba tare. Zubinta ɗaya da ta ɗan Adam. Tamu girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita ne, nauyinta wajen giram 300.

Kafin ka sa wuƙa, dubi bayanta. Za ka ga farin kitse ya yi mata ɗamara daga sama, da wasu siraran jijiyoyi da suka fito daga cikin kitsen suka bazu a jikin naman. Ka riƙe waɗannan a ranka, za mu dawo kansu, domin su ne ke shayar da ita kanta zuciyar. Sannan ka yanka ta a gicciye ta tsakiya. Rami biyu za ka gani. Ɗaya a zagaye yake, bangonsa mai kauri ne ƙwarai. Ɗayan ya lanƙwasa a gefensa, bangonsa siriri, in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Mai kaurin shi ne ɗakin hagu na ƙasa, siririn kuwa na dama. Ga mutum, bangon hagu ya kai wajen santimita guda, ya ninka na dama kusan sau uku. Daga sama kuma akwai wasu ɗakuna biyu masu laushi, ɗaya bisa kowane gefe. Ɗaki huɗu ke nan. In ka leƙa cikin ramukan za ka ga wasu fararen zarurruka masu ƙarfi, riƙe da wasu ƴan fatu sirara. Waɗannan fatun su ne marafen da ke hana jini komawa baya, zarurrukan kuma su ke riƙe su kada ƙarfin matsewa ya birkice su.

Yanzu bi jinin da ya gama aikinsa a ƙafarka. Ya ba tsoka iskar oksijin da ya ɗauko, ya kwashe gurɓatacciyar iska, launinsa ya yi duhu. Yana hawowa ta jijiyoyin dawowa ya shiga ɗakin sama na dama, ya gangara ɗakin ƙasa na dama. Wannan ya matse, ya tura shi huhu. A huhu ya zubar da gurɓatacciyar iskar, ya ɗauki oksijin, ya koma ja wur. Daga nan sai ɗakin sama na hagu, sai ɗakin ƙasa na hagu, wanda zai yi masa tunkuɗa mai ƙarfi cikin babbar jijiyar da ke rarraba shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Ka ga dalilin bambancin kaurin bango: gefen dama huhu kawai yake kai jini, ga shi nan kusa, hanyoyinsa kuma a buɗe suke, shi kuwa na hagu jiki duka ke wuyansa. Famfo biyu ne ke nan aka haɗa bango ɗaya, suna bugawa lokaci guda, kuma dole abin da wannan ya tura ya yi daidai da abin da wancan ya tura. In hagu ya gaza ko da kaɗan, ragowar a huhu take taruwa. Wannan zancen zai yi mana amfani can gaba.

Tsakanin gefen dama da na hagu ba wata kafa. Likitocin zamanin da sun daɗe suna zaton jini na ratsa bangon tsakiya ta wasu ƴan ramuka da ido ba ya gani. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya rubuta cewa bangon a toshe yake, sai jini ya bi ta huhu kafin ya isa gefen hagu.

Ƙarar nan biyu da likita ke saurare in ya ɗora abin saurare a ƙirjinka, ƙarar rufewar marafe ce. Ta farko, marafen da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa ne suka rufe yayin da matsewa ta fara. Ta biyu, marafen bakin manyan jijiyoyi ne suka rufe da matsewar ta ƙare. In marfi ya lalace yana yoyo, ko ya tsuke, sai mu ji wani huci tsakanin ƙararrakin. Haka kuma lambobi biyun da ake faɗa maka in an auna tansiyo, a ce 12/8: na saman ƙarfin jini ne a jijiya lokacin da zuciya ta matse, na ƙasan kuwa abin da ya rage ne lokacin da ta saki. Ba ya sauka zuwa sifili domin manyan jijiyoyi suna miƙewa in an tunkuɗo musu jini, sannan su koma a hankali suna ci gaba da tura shi.

Dawowar jini daga ƙafa kuwa ba aikin zuciya kaɗai ba ne. Kafin jini ya ratsa ƴan ƙananan hanyoyin cikin nama, ƙarfin tunkuɗar ya kusa ƙarewa. Jijiyoyin dawowa na ƙafa su ma suna da marafe masu buɗewa sama kawai, kuma duk takun da ka yi, tsokar sharaɓa tana matse su, jini ya hau gaba, marfi ya hana shi komawa. Jan numfashi ma yana taimakawa wajen zuƙo shi cikin ƙirji. Shi ya sa ɗalibin da aka tsayar ƙiƙam cikin rana ba motsi yake iya yanke jiki ya faɗi: jini ya taru a ƙafa, abin da ke isa zuciya ya ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. In aka kwantar da shi aka ɗaga ƙafafunsa, nan da nan yake farfaɗowa.

Lissafin aikin da lissafin hutun

Kowane bugu, ɗakin hagu yana fitar da wajen mililita 70. Ba ya juye duk abin da ke cikinsa, wajen kashi 60 cikin 100 yake turawa. In zuciya na bugawa sau 70 zuwa 75 a minti, abin ya kama lita 5 ke nan a minti guda. Jinin babban mutum gaba ɗaya shi ma wajen lita 5 ne, wato kusan kowane minti jininka duka sai ya zaga ya dawo. A yini da kwana, bugu wajen 100,000, jini kuwa lita 7,200, cikin duro 36 masu cin lita 200. Da irin wannan lissafin ne likitan Ingila William Harvey ya nuna a 1628 cewa ba yadda za a yi jiki ya riƙa ƙera sabon jini mai yawan haka daga abinci, dole jini ɗaya ne ke zagayawa.

To ga inda ta sha bamban da injinka. Shi inji muddin yana kunne to yana juyi, ba shi da hutu sai ka kashe shi. Zuciya ta yanka nata hutun ƙanana-ƙanana ta cusa tsakanin aikin. A bugu 75 a minti, kowane bugu yana cin kashi 8 cikin 10 na sakan. Kashi 3 ɗakunan ƙasa suna matse, kashi 5 suna sake. Tara wannan na awa 24: wajen awa 9 na matsewa, awa 15 na saki. In mutum ya yi barci bugun ya sauka zuwa 55 ko 60, rabon sakin sai ya ƙaru.

Abu biyu ke faruwa a lokacin sakin. Na farko, cika. Ɗakin da bai cika ba ba shi da abin turawa, kuma tsokar zuciya tana da wata ɗabi'a: gwargwadon yadda jini ya miƙar da ita, gwargwadon ƙarfin matsewar da za ta yi, har zuwa wani iyaka. Da wannan ɗabi'ar ne gefen dama da na hagu suke daidaita kansu ba tare da wani ya lissafa musu ba. Na biyu, ci. Ka tuna siraran jijiyoyin nan na bayan zuciyar rago. Rassansu suna nutsewa cikin naman bangon. Duk lokacin da bangon hagu ya matse, sai ya matse su su ma, jini ya kusa daina bi. Sai ya saki sannan jini ke kwarara ya shayar da tsokar. Jinin da ke cike da ɗakunan ba ya ciyar da wannan bango mai kauri, sai ɗan abin da ke fuskar ciki. Don haka duk wanda ya rage wa zuciya lokacin saki, abincinta ya rage mata.

Kuma ita ba ta da ajiya. Sauran jiki, in mutum na zaune, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na oksijin ɗin da jini ya kawo yake cirewa, ya bar saura don lokacin buƙata. Zuciya ko a zaune kusan kashi uku cikin huɗu take kwashewa. In aiki ya ƙaru, ba ta da hanyar samun ƙari sai jijiyoyinta su buɗe jini ya ƙaru. Wannan ne ya sa dattijon da jijiyar zuciyarsa ta tsuke yake jin an danne masa ƙirji in ya yi sauri ko ya hau tudu, in ya tsaya minti kaɗan ya lafa. In jijiyar ta toshe gaba ɗaya, ciwon ba ya lafawa da tsayawa, zufa ta keto, kuma naman da ke bayan toshewar yana fara mutuwa tun cikin awa ta farko. Wannan ba ciwon da za a jira gari ya waye ba ne.

Ita kanta tsokar daban take da ta hannu ko ta ƙafa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kowace ƙwayarta, ƴan sassan da ke ƙona abinci da oksijin su ba da ƙarfi ne suka cike shi. Ba ta kuma zaɓen abinci: kitse ne babban abin da take ƙonawa, tana ƙona sukari, har ma da tsamin da tsokokin ƙafa ke zubarwa cikin jini in mutum na gudu. Shi ya sa azumi ba ya tsayar da ita.

Wa ke ba ta umarni?

Ba ƙwaƙwalwa ba ce ke cewa ta buga. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da ba su iya zama shiru. Gishirin da ke cikin jini yana silalawa cikinsu a hankali, in ya kai wani mizani sai su saki ɗan lantarki, su koma farko, su sake somawa. Wannan lantarkin yana bazuwa a ɗakunan sama su matse, sannan ya isa wata mahaɗa a tsakiyar zuciya inda ake riƙe shi wajen kashi ɗaya cikin 10 na sakan, don ɗakunan sama su gama juye jininsu. Daga nan ya bi wasu hanyoyi masu sauri zuwa tsinin zuciya, matsewa ta fara daga ƙasa ta yi sama, inda bakin manyan jijiyoyi yake. Ƙwaƙwalwa da sinadaran jini aikinsu su ƙara saurin ko su rage, kamar lokacin tsoro ko barci. Hujjar wannan a fili take: tun 1967 da aka yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu, zuciyar da aka ɗauke daga wani ƙirji, aka yanke duk jijiyoyin da suka haɗa ta da ƙwaƙwalwa, tana bugawa a sabon ƙirjin. Tana kuma soma bugawa tun wajen mako uku bayan shigar ciki, lokacin da sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba.

In gungun farko ya gaza, mahaɗar tsakiya na iya karɓar aikin da bugu 40 zuwa 60. In ita ma ta gaza, ɗakunan ƙasa su buga da kansu sau 20 zuwa 40, abin da zai riƙe rai amma ba zai riƙe mutum a tsaye yana aiki ba.

Akwai wani tsari a nan da nake ganin shi ne ainihin amsar tambayarka. Ka san yadda sharaɓa ke ɗaurewa da dare ta ƙi saki. Tsokar ƙafa tana karɓar umarni bisa umarni ba tare da ta saki ba. Tsokar zuciya ba ta yin haka. In ta karɓi umarni guda, ba ta jin wani sai ta kusa gama wannan matsewar ta fara saki. Ko da an turo mata lantarki a tsakiyar matsewa, ba za ta amsa ba. Wato hutun nan dole aka yi mata shi, a cikin halittar naman yake, domin zuciyar da ta ɗaure ta ƙi saki ba ta cika, wadda ba ta cika ba kuwa ba ta tura komai.

Dalilin da ya sa ba za ta yi dogon hutu irin na inji ba kuwa yana wajen ƙwaƙwalwa. Shukarka na iya jiran ruwa har yamma. Ƙwaƙwalwa in jini ya yanke mata, cikin sakan 10 ko makamancin haka mutum ya suma, bayan minti 4 zuwa 6 kuma ta fara lalacewar da ba ta gyaruwa.

In aka cinye mata hutun

In bugu ya yi sauri, matsewa da saki ba sa raguwa daidai. Matsewar kaɗan take raguwa, sakin ne ke shan kashi. A bugu 150 a minti, bugu guda ya koma kashi 4 cikin 10 na sakan, kuma sakin da ke da kashi 5 a da, yanzu bai kai 2 ba. Aiki ya ninka, lokacin ci ya ragu. Saurayi mai lafiya da ke ƙwallo zai ɗauki wannan na awa guda ko biyu, ya huta, har ma zuciyarsa ta ƙara ƙarfi. Abin da ke karya zuciya shi ne saurin da ba ya sauka dare da rana, mako bayan mako, kamar na mai ƙarancin jini mai tsanani, ko nauyin hawan jini da aka bari shekara da shekaru ba magani.

Bari in ba ka misalin wata mai jego da aka kawo mini daga wani ƙauye, mako shida bayan ta haifi ɗanta na biyar. Uwar mijinta ce ta rako ta. Abin da na fara lura da shi tun kafin ta yi magana: ta ƙi kwanciya a gadon awo. Ta zauna a bakinsa, ta dafa gwiwa, tana jan numfashi sama-sama. Tsohuwar ta ce, "Likita, kwana da kwanaki ke nan a jingine da bango take barci. In ta kwanta sai tari ya tashe ta." Na danna yatsa a ƙaurinta, rami ya zauna bai cike ba. Jijiyoyin wuyanta a cike suke har kusa da kunne tana zaune. Bugunta 130 a minti, siriri. Tansiyo 10/7. A ƙasan huhu biyu ana jin ƙarar ruwa. Hanta ta kumbura, tana ciwo in an taɓa. A gida sun ɗauka sanyin jego ne ya shige ta, don haka suka ƙara mata kunun kanwa, da kyakkyawar niyya.

Hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura ta saman ƙirji, ya nuna ɗakin hagu ya buɗe ya yi faɗi, bangonsa da ƙyar yake motsi. Maimakon kashi 60 cikin 100, abin da yake turawa bai wuce 25 ba, wajen mililita 30 a bugu. Yi lissafin: 30 sau 130, bai cika lita 4 ba a minti, ga mace mai shayarwa, kuma duk da saurin nan. Wannan ciwon raunin tsokar zuciya ne da ke kama wasu mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya.

Dubi yadda abin ke cin kansa. Zuciya ta yi rauni, jiki ya ce ta ƙara sauri, saurin ya cinye lokacin cinta. Ƙoda ta ga jinin da ke iso ta ya ragu, ta ɗauka jiki ya rasa ruwa, sai ta riƙe gishiri da ruwa. Ruwan ya ƙaru a jijiyoyi, hagu ya kasa kwashe abin da dama ke turo masa, ragowar ta taru a huhu. In ta kwanta, ruwan ƙafafu ya gangaro ƙirji, numfashi ya gagara. Kanwa kuwa gishiri ce, duk cokalin da ta sha ƙarin ruwa ne jikinta zai riƙe. Ba na cewa kanwa ita kaɗai ke kawo ciwon, domin yana kama matan da ba su taɓa shan ta ba. Amma ga wadda zuciyarta ta riga ta yi rauni, kanwa da gishiri da dunƙulen miya masu yawa suna ƙara nutsar da ita, wannan ba na shakkarsa.

Mun bar ta a zaune, muka sa mata oksijin, muka yi mata allurar furosemid mai sa fitsari. Aka tsayar da kanwa, aka rage gishiri. Kullum da safe sai ta hau sikeli, domin kilo guda da ya sauka lita guda ce ta ruwa ta fita. Cikin mako guda ta sauke kilo 6, ta fara kwanciya da matashi biyu. Muka ƙara maganin da ke sassauta jijiyoyi don nauyin da zuciyar ke turawa ya ragu. Ga wurin da ake yin kuskure: akwai maganin da ke rage saurin bugu, kuma shi ne zai maido mata da hutunta, amma ba a fara shi ranar farko. A ranar nan saurin ne ke riƙe da ita. Ka rage 130 zuwa 80 alhali bugu guda mililita 30 ne, ka bar ta da lita 2 da ɗan kai. Sai huhu ya bushe tukuna, sannan a soma da ɗan ƙanƙani, a riƙa ƙarawa duk mako biyu ana duba bugu da tansiyo. A hankali bugunta ya sauka wajen 80. Bayan wata shida hoton ya nuna tana tura kusan kashi 50.

Ba kowace ke samun haka ba. Wasu zuciyar ba ta komawa yadda take, sai dai su rayu da magani, wasu kuma ana kawo su a makare. Ko wadda ta warke, mun zauna da ita da maigidanta muka yi magana a kan tazarar haihuwa, domin sabon ciki na iya maido da ciwon, musamman in ƙarfin zuciyar bai dawo duka ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan: mai jegon da ba ta iya kwanciya, ko ƙafafunta ke ƙara kumbura bayan haihuwa maimakon su saɓe, a kai ta asibiti ranar, kada a jira a gama wankan arba'in.

Abin da yatsunka za su iya gaya maka

Ka zauna minti biyar ba motsi. Ɗora yatsa biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka danna kaɗan har ka ji harbi. Ƙirga na sakan 30 ka ninka biyu, in kuwa bugun ba a jere yake ba, ka ƙirga minti cikakke. Ga babba, 60 zuwa 100 shi ne daidai. Manomi mai aikin ƙarfi yana iya samun 55 kuma lafiyarsa ƙalau. Jariri sabon haihuwa 120 zuwa 160 ne nasa, kada ya tsorata ka. Zazzaɓi yana ƙara wajen bugu 10 a kowane digiri guda, kuma shayi mai kauri, tsoro da ƙishirwa duk suna ɗaga shi na ɗan lokaci.

Wanda ya kamata a kai wa likita shi ne bugun da ya zauna sama da 100 mutum na hutawa ba zazzaɓi, ko wanda ya sauka ƙasa da 50 tare da jiri ko suma, ko wanda ya rikice gaba ɗaya ba ka iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo. Tsallake ɗaya jefi-jefi ga mai lafiya yawanci ba komai ba ne.

Yatsa dai sauri da jeri yake faɗa. Ba ya faɗin ko marfi na yoyo, ko nawa ɗakin hagu ke turawa, waɗannan sai da abin saurare da hoton eko, kuma ni ma ba na iya yanke hukunci a kan zuciyar da ban saurara ba. Hawan jini ma ba ya bayyana a ƙirgen bugu. Mutum na iya samun bugu 72 a jere tsaf alhali tansiyonsa 18/11 ne, bangon hagu yana ta kauri yana sandarewa, sakinsa na raguwa, shi bai ji komai ba. Wannan sai an ɗaura abin awo a dantse, kuma duk wanda ya haura shekara 40 ya kamata ya riƙa aunawa ko da sau ɗaya ne a shekara, a asibitin da ya fi kusa da shi.